Kauce wa kwaikwayon kamannin hajar wani kamfani a rubutun umarni

Kauce wa kwaikwayon kamannin hajar wani kamfani a rubutun umarni hanya ce ta aiki da masu tsara zane da masu talla ke bi idan suna amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen zana kwalba, gwangwani, kwali, leda ko hoton talla na wata haja da za ta yi gogayya da wadda ta riga ta yi suna a kasuwa. Rubutun umarni shi ne bayanin da mutum ke shigar wa manhaja domin ta samar masa da hoto. Manufar wannan hanya ita ce a rubuta umarnin yadda hoton da zai fito ba zai ɗauko siffar da jama'a suka san wani kamfani da ita ba, domin a ƙasashe da dama doka tana kare wannan siffar kamar yadda take kare suna da tambari. Idan aka saɓa, kotu tana iya hana sayar da hajar, ta sa a janye ta daga kasuwa, ko ta sa a biya diyya, kuma alhakin yana kan kamfanin da ya fitar da hajar ne, ko da manhaja ce ta zana.

## Abin da doka ke karewa

Kamannin haja na nufin yadda haja ke bayyana gaba ɗaya a idon mai saye: launuka da yadda aka haɗa su, siffar mazubi, salon haruffa, hotunan da ke jiki da wurin da aka ɗora kowanne. Sananniyar kwalbar Coca-Cola mai ƙugu, wadda aka tsara a shekarar 1915, misali ce da ake yawan bayarwa, domin mutane suna gane ta ko da babu rubutu a jikinta.

A Amurka, kariyar ta samo tushe ne daga dokar Lanham ta 1946, kuma Kotun Ƙoli ta fayyace iyakokinta a shari'o'i da dama. A 1992, a shari'ar Two Pesos da Taco Cabana, kotun ta amince cewa adon gidan abinci yana iya samun kariya. A 1995, a shari'ar Qualitex da Jacobson, ta ce launi shi kaɗai yana iya zama alamar kasuwanci idan jama'a sun riga sun danganta shi da kamfani guda. A 2000, a shari'ar Wal-Mart da Samara Brothers, ta ce siffar ita kanta hajar ba ta samun kariya sai an tabbatar cewa masu saye suna ɗaukar siffar a matsayin shaidar wanda ya yi ta. A 2001 kuma, a shari'ar TrafFix, ta ce sashen da ke yin wani aiki a jikin haja ba ya shiga wannan kariya. Ma'ana, ba wanda zai mallaki murfin da ke hana zuba ko mariƙin da ke sauƙaƙa ɗauka da sunan kamanni.

A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta akwai ƙarar sojan gona, wato mutum ya fito da hajarsa a shigar ta wani. A shari'ar Reckitt & Colman da Borden ta 1990, wadda ta shafi ruwan lemun tsami na Jif da ake sayarwa cikin roba mai siffar lemun tsami, an kafa sharuɗɗa uku: mai ƙara ya nuna cewa kamannin hajarsa sun yi suna, cewa wanda ake ƙara ya ruɗi masu saye ko yana iya ruɗinsu, sannan cewa hakan ya jawo masa hasara ko zai jawo. Nijeriya tana bin wannan tsari, kuma shari'ar Trebor Nigeria da Associated Industries ta 1972, kan takardar naɗe alewar minti, tana cikin waɗanda ake koyarwa a kai. A 2023 an gyara ma'anar alamar kasuwanci a dokar Nijeriya ta yadda ta haɗa da siffar haja, mazubinta da haɗin launuka. Nijar, Chadi da Kamaru kuwa suna ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke aiki a duk ƙasashen ƙungiyar.

## Shari'ar Thatchers da Aldi

Wannan shari'a ba ta shafi ƙirƙirarriyar basira ba, amma ta nuna yadda umarnin da aka bai wa mai zane ke zama shaida a gaban kotu. Kamfanin Thatchers na Ingila ya fitar da wata giyar tuffa mai ɗanɗanon lemun tsami a 2020, kuma ya yi wa hoton jikin gwangwaninta rajista a matsayin alamar kasuwanci. Hoton yana ɗauke da lemun tsami da korayen ganye a kan farfajiya mai launin madara da ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, tare da wasu siraran layuka a kwance waɗanda da ƙyar ake ganinsu. A 2022 babban kantin Aldi ya fitar da tasa giyar da sunan Taurus.

A watan Janairun 2024 kotun farko ta kori ƙarar Thatchers, saboda ta ga sunayen biyu sun bambanta kuma masu saye ba za su ruɗe ba. A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. Ba ta ce masu saye sun ruɗe ba. Ta ce Aldi ya ci moriyar sunan da Thatchers ya yi ba bisa adalci ba, abin da sashe na 10(3) na dokar alamun kasuwanci ta Birtaniya ta 1994 ya haramta game da alamun da suka yi suna. Abubuwa biyu sun yi nauyi a hukuncin. Na farko, shaidu sun nuna cewa Aldi ya ɗauki hajar Thatchers a matsayin ma'auni lokacin da ake tsara gwangwanin. Na biyu, siraran layukan nan sun bayyana a gwangwanin Aldi, alhali ba sa bayyana komai game da lemun tsami ko giya, don haka da wuya a ce haɗuwar dace ce.

Darasin da ke ciki ga mai rubuta umarni shi ne cewa sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa, kuma ƙananan kayan ado marasa aiki su ne suka fi tona asirin kwaikwayo. Rubutun umarni ma rubutacciyar shaida ce kamar wasiƙar da ake aika wa kamfanin zane, kuma manhajoji da yawa suna ajiye tarihin abin da aka shigar musu.

## Yadda manhaja ke jawo kwaikwayo

Manhajojin samar da hoto irin su Midjourney, Stable Diffusion da DALL-E an horar da su ne da ɗimbin hotuna haɗe da bayanansu. Hajar da ta fi shahara ta fi yawan hotuna a intanet, saboda haka siffarta ta fi kama wuri a abin da manhajar ta koya. Daga nan kwaikwayo ke shigowa ta ƙofofi huɗu.

Ƙofa ta farko ita ce ambaton sunan kamfani kai tsaye, kamar a ce a zana gwangwani irin na wane. Wannan ita ce mafi haɗari, domin tana jawo kamannin kuma tana nuna niyya. Ta biyu ita ce siffanta hajar abokin gogayya dalla-dalla ba tare da kiran sunansa ba. Idan aka jera launinsa, tsarin hotunansa da salon haruffansa, an kwaikwaye shi ke nan, ko da sunan bai fito ba, domin kotu hoton take dubawa. Ta uku ita ce ɗora hoton hajar wani a matsayin abin koyi, misali ta umarnin `--sref` na Midjourney, wanda ke ɗaukar salo da launukan hoton da aka ba shi. Ta huɗu ita ce gajeren umarni marar bayani. Idan aka rubuta jimla ɗaya kawai ana neman kwalbar lemo baƙi, manhajar za ta cike giɓin da abin da ta fi gani, kuma sau da yawa abin da ta fi gani shi ne jagoran kasuwa. A ƙarar da Getty Images ta shigar kan Stability AI a 2023, ɗaya daga cikin koke-koken shi ne cewa alamar da Getty ke ɗorawa a kan hotunanta tana bayyana a wasu hotunan da manhajar ke samarwa.

Akwai kuma kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi, wato rubuta cewa hoton kada ya yi kama da na kamfani kaza. Manhajojin hoto da yawa ba su ƙware wajen fahimtar korewa ba. Sunan da aka ambata yana jan hoton zuwa gare shi ko da an gabace shi da kalmar kada. Abin da ya fi aiki shi ne a bar sunan gaba ɗaya, a faɗi abin da ake so, sannan a jera siffofin da ba a so a gurbin da aka tanada domin haka, kamar `--no` a Midjourney ko akwatin `negative prompt` a Stable Diffusion.

## Rarrabe abin kowa da abin wani

Ginshiƙin aikin shi ne a raba abin da ke jikin hajar abokin gogayya gida uku kafin a rubuta ko kalma ɗaya ta umarni.

Kashi na farko shi ne abin da ke aiki ko wanda doka ta wajabta: girman gwangwani, murfi, jerin sinadarai, ranar lalacewa, lambar rajista ta hukuma. Wannan na kowa ne. Kashi na biyu shi ne al'adar rukunin hajar, wato abin da ke bayyana wa mai saye irin abin da ke ciki. Hoton lemun tsami a jikin lemon da aka yi da lemun tsami ba mallakin kowa ba ne, haka ma launin ruwan ɗorawa. Kashi na uku shi ne zaɓin da kamfani guda ya yi domin a gane shi: haɗin launuka na musamman, wurin da aka ɗora suna, siffar da ta kewaye shi, salon zanen 'ya'yan itacen, da ƙananan kayan ado.

Hanyar gane bambancin kashi na biyu da na uku ita ce a tara hajoji da dama na rukunin, misali takwas ko goma, a jera su. Siffar da ta bayyana a yawancinsu al'ada ce. Siffar da ta bayyana a guda ɗaya kawai, musamman idan ita ce jagorar kasuwa, ta shiga kashi na uku. Sai dai a kula cewa haɗuwar abubuwan kowa ma tana iya zama kamannin wani. Lemun tsami na kowa ne, ganye na kowa ne, launin madara na kowa ne, amma jera ukun daidai yadda wani ya jera su shi ne ke kai mutum kotu.

## Misali da aka bi daki-daki

A ɗauka wani ƙaramin kamfani zai fitar da lemon gwangwani mai ɗanɗanon lemun tsami, mai girman mililita 330. Jagoran kasuwa yana amfani da farar farfajiya mai launin madara, lemun tsami cikakke da ganye a sama da ƙasa, suna a tsakiya da haruffa masu lanƙwasa, da siraran layuka a bayan hoton. Umarnin farko da aka rubuta shi ne:

```
Zana gwangwanin lemo irin na jagoran kasuwa: farfajiya
launin madara, lemun tsami da ganye sama da ƙasa, suna a
tsakiya a lanƙwashe, siraran layuka a baya. Sauya sunan.
```

Wannan umarni ya shiga ƙofa ta farko da ta biyu a lokaci guda. Siffofi huɗu da ya ambata duk na kashi na uku ne, kuma jimlar ƙarshe tana nuna cewa an san abin da ake yi.

Gyaran yana farawa ne da tambayar me ake so mai saye ya fahimta. Kamfanin yana so a gane abu uku: lemun tsami ne, yana da sanyi, kuma ba shi da zaƙi sosai. Daga nan sai a nemi wata hanyar nuna kowanne. Lemun tsami zai zauna, tun da shi ne ɗanɗanon, amma a yanka shi gida biyu a zana shi da zane mai sauƙi maimakon hoton cikakken ɗan itace. Ganye ba ya ƙara wani bayani, don haka a cire shi. Farfajiya ta koma shuɗi mai duhu, wanda ke nuna sanyi kuma ya yi nesa da launin madara. Suna ya koma gefe, a tsaye, da miƙaƙƙun haruffa. Layukan baya a bar su gaba ɗaya. Sabon umarnin zai zama:

```
Gwangwanin lemo mililita 330. Farfajiya shuɗi mai duhu.
Rabin lemun tsami guda ɗaya, zane mai sauƙi, a ƙasa ta dama.
Gurbin suna a tsaye ta hagu, a bar shi fili.
Ɗigon ruwa a jikin gwangwani.
--no ganye, launin madara, layuka, tambari, rubutu
```

An cire rubutu da tambari ne saboda manhaja kan ƙirƙiro haruffan da ke kama da sunayen da ta sani. Mai zane zai ɗora sunan da hannunsa daga baya. Ana kuma samar da hotuna da yawa daga umarni guda, misali ashirin, domin manhajar ba ta ba da sakamako iri ɗaya, kuma wani hoton yana iya dawo da ganyen da aka hana. Idan siffar da aka hana ta ci gaba da dawowa, alama ce cewa wata kalma a cikin umarnin tana jan ta, sai a cire kalmomin ɗaya bayan ɗaya har a gano ta.

Bayan haka sai a sake jera sabon hoton da sauran hajojin rukunin, domin guje wa jagoran kasuwa yana iya kai mutum ga na biyu. Idan wani kamfani ya riga ya yi suna da shuɗi mai duhu da rabin lemun tsami, gyaran bai kammala ba.

## Gwajin sakamako

Gwaji na farko shi ne rufe suna. A rufe duk rubutun da ke jikin sabon zanen, a nuna wa mutanen da ke sayen irin wannan haja waɗanda ba su da hannu a aikin, a tambaye su ta wane kamfani ce. Idan wasu suka kira sunan abokin gogayya, ko suka ce ta tuna musu da shi, akwai sauran aiki.

Gwaji na biyu shi ne na nesa da na tuni. Kotuna suna la'akari da cewa mai saye ba ya ajiye haja biyu gefe da gefe yana ƙirga bambance-bambance. Yana dogara ne da abin da ya rage a ransa, sau da yawa cikin gaggawa. Saboda haka ana ƙanƙanta hoton zuwa girman da ake gani a waya, ko a dusashe shi har rubutu ya ɓace, a duba ko launi da tsari kaɗai suna kiran wata haja. Wannan ya fi muhimmanci a kasuwannin da yawancin masu saye ke neman haja da launinta ko hoton da ke jikinta maimakon sunan da aka rubuta.

Gwaji na uku shi ne bincike. Ana saka hoton a manhajar neman makamantan hotuna kamar Google Lens ko TinEye, sannan a duba rumbunan rajista irin su Global Brand Database na hukumar WIPO da TMview. Rajistar alamu tana bin rukunan Nice guda 45, inda lemo marar barasa ke rukuni na 32. A ƙarshe, kafin a buga dubban gwangwanaye, lauyan da ya san dokar ƙasar da za a sayar da hajar shi ne ke duba zanen, domin gyara hoto a kwamfuta ya fi janye kaya daga kantuna arha nesa ba kusa ba. Ana kuma ajiye umarnin da aka yi amfani da su da matakan gyara, saboda su ne za su nuna cewa zanen ya taso daga buƙatun hajar kanta.

## Iyakoki

Babu wani adadi na sauye-sauye da doka ta ce idan an yi shi an tsira. Maganar da ake yaɗawa cewa sauya kashi kaza cikin ɗari ko abubuwa kaza ya isa ba ta da tushe a doka, domin kotu tana duba abin da hajar ke bari a zuciyar mai saye gaba ɗaya. Rashin niyya ma ba kariya ba ne a yawancin ƙararrakin alamun kasuwanci da na sojan gona, ko da yake niyya idan ta tabbata tana ƙara wa mai ƙara ƙarfi.

Kariyar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma siffa guda tana iya samun kariya ta hanyoyi da dama a lokaci ɗaya: alamar kasuwanci, rajistar ƙira, da haƙƙin mallakar zane. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar ba ta hana gogayya ba. An halatta a duba hajar abokin gogayya, a yi nazarinta, a yi amfani da abin da ke aiki da abin da ya zama al'adar rukuni. Abin da aka hana shi ne aron siffar da jama'a ke gane wani kamfani da ita.

## Duba kuma

* Alamar kasuwanci
* Haƙƙin mallaka
* Ƙirƙirarriyar basira
* Talla